Yadda Mai Kamfani Zai Sa Ido Kan Imel, Waya da Shafukan Ma'aikata Ba Tare da Taka Doka Ba

Masu kamfanoni da shugabannin ma'aikata suna ta maimaita tambaya ɗaya: tunda ni na sayi kwamfutar, ni nake biyan kuɗin imel da layin waya, ba zan iya buɗewa in ga abin da ma'aikacina yake yi ba? Amsar ita ce za ka iya duba wasu abubuwa, amma bisa wani tsari, kuma akwai wuraren da mallakar na'ura ba ta ba ka ikon leƙawa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya, kuma mutum ba ya ajiye wannan haƙƙi a bakin ƙofar ofis. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta ɗauki duk abin da ka tattara game da ma'aikaci a matsayin bayanan mutum, kai kuma mai riƙe da su da za a iya tuhuma.

Matakan da ke ƙasa na kamfani ne da ke aiki a Najeriya. Domin a ga yadda suke aiki, za mu riƙa komawa kan misali guda: kamfanin raba kayan masarufi mai ma'aikata 40, 12 daga cikinsu masu zagaya shaguna ne a kan babur, kuma mai shi yana zargin cewa jerin farashin da yake ba manyan kwastomomi yana isa hannun abokan gasa.

Mataki na 1: Rubuta dalilinka kafin ka taɓa komai

Ɗauki takarda ka rubuta matsalar da kake son magancewa a jimla ɗaya ko biyu. "Ina son in san abin da suke yi" ba dalili ba ne da zai tsaya a gaban hukuma ko kotu. "Jerin farashinmu na sirri ya fita sau biyu cikin wata uku, kuma mutum shida ne kawai suke iya buɗe shi" dalili ne, domin ya faɗi abin da ake karewa, ya kuma nuna iyakar inda za a duba.

Wannan takarda ce za ta hukunta duk sauran matakan. Sashe na 24 na Dokar Kare Bayanai ya ce a tattara bayanai don manufa bayyananniya, a tsaya ga gwargwadon abin da manufar take bukata, kada kuma a juya su zuwa wata manufa da ba ta dace da ta farko ba. A misalinmu, manufar ta shafi fayil guda da mutum shida. Ba ta shafi direbobi ba, ba ta shafi mai shara ba, ba ta kuma ba da damar karanta hirar kowa da iyalinsa ba.

Gargaɗi: idan ka saka na'urar bin sawu a babur domin gudun sata, daga baya ka yi amfani da bayanan wajen tuhumar ma'aikaci kan inda yake kwana, ka sauya manufa. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma yawanci ba da mugun nufi ake farawa ba. Bayanan suna nan a gabanka, sai ka ji kamar ba laifi ka duba.

Mataki na 2: Zaɓi hujjar doka, kada ka jingina da sa hannu kaɗai

Sashe na 25 ya jero hujjojin da za a iya sarrafa bayanan mutum a kansu: amincewarsa, cika yarjejeniya, wani wajibi na doka, kare rai, amfanin jama'a, da halastacciyar bukatar mai riƙe da bayanan. Yawancin masu kamfani suna rugawa ga ta farko. Sai a buga takarda, a ce kowa ya sa hannu cewa ya yarda a duba wayarsa da imel ɗinsa, a zaci magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Amincewar da doka ta sani ita ce wadda aka bayar da zaɓin rai, kuma sashe na 26 ya ɗora wa mai kamfani nauyin tabbatar da hakan. Mutumin da ya san albashinsa na hannunka, kuma ya san abin da zai biyo baya idan ya ƙi, da wuya a ce ya zaɓa. Ban da haka, sashe na 35 ya ba shi ikon janye amincewarsa duk lokacin da ya so. Ranar da ya janye, tsarinka ya rushe.

Hujjar da ta fi dacewa da sa ido kan kayan aiki ita ce halastacciyar bukata, wato kare dukiyar kamfani, sirrin kasuwanci da tsaron na'urori. Amma tana da sharaɗi. Dokar ta ce bukatarka ba ta halasta idan ta danne haƙƙoƙin ma'aikacin na asali, ko kuma idan ba zai yi tsammanin za a yi amfani da bayanansa ta wannan hanya ba. Saboda haka sai ka amsa tambayoyi uku a rubuce: mene ne amfanin da nake karewa, akwai hanyar da ta fi sauƙi da za ta kai ni ga haka, kuma cutarwar da ma'aikaci zai ji ta kai nauyin amfanin? Ajiye amsoshin da kwanan wata.

Idan abin da kake shirin yi mai zurfi ne, kamar bin sawun mutane duk yini, naɗar kira, ko manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta, sashe na 28 ya wajabta a auna haɗarin a rubuce kafin a fara. Idan bayan an auna an ga haɗarin har yanzu babba ne, sai an tuntuɓi Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, kafin a ci gaba.

Mataki na 3: Raba kayan kamfani da na ma'aikaci

A nan ne yawancin ƙananan kamfanoni suke gano cewa ba su da abin da za su duba bisa doka. Akawun yana aika takardun kuɗi da Gmail ɗinsa na kansa, masu talla suna magana da kwastomomi ta WhatsApp ɗinsu, shafin kamfani na Facebook kuma yana rataye da asusun wani yaro da ya buɗe shi shekara uku da suka wuce. Duk waɗannan nasu ne, ko da aikinka ne a ciki.

Yi jeri mai gida uku. Gida na farko na abin da kamfani ya mallaka ne kacokan: imel mai sunan kamfani, kwamfutocin ofis, wayoyi da layukan da aka yi wa rajista da sunan kamfani, babura da motoci. Na biyu na kayan ma'aikaci ne da ake aikin kamfani da su, kamar wayarsa da ya saka imel ɗin ofis a ciki. Na uku nasa ne zalla: imel ɗinsa, WhatsApp ɗinsa, shafukansa. Sa ido yana yiwuwa a gida na farko, yana yiwuwa kaɗan a na biyu, ba ya yiwuwa a na uku.

Idan aiki mai muhimmanci yana zaune a gida na uku, gyaran shi ne ka ɗauko shi ka mayar gida na farko. Buɗe wa kowa imel na kamfani. Sayi layuka da sunan kamfani. Layin da ke ɗaure da lambar NIN ta ma'aikaci nasa ne a wurin kamfanin sadarwa, ko da kai kake saka masa kati kowane wata, kuma ranar da ya bar aiki zai tafi da shi tare da lambobin kwastomominka.

Mataki na 4: Sanar da ma'aikata a rubuce, tun kafin a fara

Sashe na 27 ya wajabta a gaya wa mutum wanda yake tattara bayanansa, dalili da hujjar doka, waɗanda za su gani, tsawon lokacin ajiya, haƙƙoƙinsa, da damar da yake da ita ta kai ƙara ga NDPC. Takardar ba ta bukatar wuce shafi biyu. Abin da take bukata shi ne ta faɗi gaskiya dalla-dalla. Jimla irin "kamfani na iya sa ido kan duk wata sadarwa" ba ta sanar da kowa komai. Ga irin abin da ya kamata a gani:

Kamfani yana ajiye bayanin wanda ya aika imel, wanda aka aika wa, lokaci da take, na duk akwatunan imel na kamfani. Ba a karanta abin da ke cikin saƙo sai idan akwai takamaiman zargi, da izinin manajan darakta a rubuce. Baburan kamfani suna ɗauke da na'urar bin sawu, kuma ana duba ta daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma a ranakun aiki kawai, sai fa idan an sace babur. Kamfani ba ya neman kalmar sirrin asusun kowa na kansa.

Dole takardar ta faɗi ko an yarda ma'aikaci ya yi amfani da imel da wayar ofis don bukatar kansa. Idan ka haramta a takarda amma kowa yana yi shekara da shekaru kana gani, haramcin ya zama na baki, kuma ma'aikaci zai iya cewa ya yi tsammanin sirri. Ya fi kyau ka yarda da ɗan amfani kaɗan, ka ce duk saƙon da yake na kansa a saka shi a wata jaka mai suna a bayyane, kai kuma ka yi alkawarin ba za a buɗe ta ba.

A karanta takardar a taron ma'aikata, a fassara ta da Hausa ga waɗanda Turanci bai ishe su ba, domin sanarwar da mutum bai fahimta ba ba ta kai gare shi ba. Kowa ya sa hannu cewa ya karɓa ya kuma fahimta. Wannan sa hannu shaidar sanarwa ce, ba hujjarka ta doka ba. A ba da tazarar mako biyu kafin a kunna komai, domin masu hotunan iyali ko takardun asibiti a na'urar ofis su kwashe kayansu. Idan akwai ƙungiyar ma'aikata, a zauna da wakilanta tun kafin taron.

Gargaɗi: sanarwar yau ba ta wanke leƙen da aka yi jiya. Idan wani a ofis ya riga ya fara karanta saƙonnin mutane a ɓoye, a tsayar da shi yanzu, a nemi shawarar lauya kan abin da aka riga aka tara.

Mataki na 5: Imel, daga waje zuwa ciki

Imel yana da hawa uku, kuma ƙa'idar ita ce ba a hawa na gaba sai na baya ya kasa ba da amsa.

Hawa na farko toshe ƙofa ne, ba ya bukatar duba kowa. A Google Workspace, mai kula da asusun kamfani zai iya kashe Automatic forwarding a ƙarƙashin End User Access na Gmail, domin kada wani ya saita akwatinsa ya riƙa tura kowane saƙo waje. A taƙaita waɗanda za su iya buɗe muhimmin fayil, a hana raba shi da adireshin da ba na kamfani ba, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sau da yawa wannan kaɗai yana kashe matsalar. A misalinmu, mai yiwuwa a tarar jerin farashin a buɗe yake ga duk mai riƙe da mahaɗinsa, wato ba sai wani ya ci amana ba kafin ya fita.

Hawa na biyu shi ne duba bayan ambulan ba tare da buɗe wasiƙa ba. Email Log Search a Google, ko Message trace a Microsoft 365, suna nuna mai aikawa, mai karɓa, lokaci da taken saƙo. Rajistar Drive kuma tana nuna wanda ya buɗe fayil, ya sauke shi ko ya raba shi. Kamfanin namu zai duba rajistar wannan fayil guda na tsawon wata ukun da ake magana a kai. A ce ya ga mutum ɗaya cikin shidan ya sauke fayil ɗin ranar 4 ga Maris da yamma, kuma bayan minti goma wani saƙo mai ɗauke da fayil ya fita daga akwatinsa zuwa adireshin waje. Yanzu ne aka sami takamaiman zargi, kuma ya shafi mutum ɗaya. Sauran biyar sun fita daga bincike.

Hawa na uku shi ne buɗe saƙon. Ana yin sa da Google Vault ko eDiscovery na Microsoft Purview, domin waɗannan suna rubuta wanda ya bincika da abin da ya nema. Kafin a fara, shugaba ya sa hannu a takardar izini mai ɗauke da sunan akwatin, kwanakin da za a duba da kalmomin nema. Mutum biyu su zauna tare, ɗaya daga sashen ma'aikata. A Vault, a ƙuntata neman kamar haka:

```
to:waje@example.com has:attachment after:2025/03/03 before:2025/03/06
```

Idan a cikin sakamakon aka ci karo da saƙo zuwa ga likita, lauya, mata ko ƙungiyar ma'aikata, a rufe shi da zarar an gane, kada a kwafa, kada a ambata wa kowa.

Gargaɗi: kada ka ce wa mai kula da kwamfutoci ya sauya kalmar sirrin ma'aikaci domin ka shiga akwatinsa kamar kai ne shi. Za ka ga duk abin da bai shafe ka ba, rajista za ta nuna kamar shi ne ya yi duk abin da aka taɓa, kuma lauyansa zai ce ku kuka dasa saƙon. Haka kuma idan ma'aikaci ya bar Gmail ɗinsa na kansa a buɗe a kwamfutar ofis, kwamfutar taka ce, akwatin ba naka ba. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta hukunta shiga na'ura ko asusu ba da izini ba da kuma tare saƙonni a hanya, kuma hukuncin zai iya kaiwa ga ɗauri, ba tara kaɗai ba.

Mataki na 6: Wayoyi

A wayar da kamfani ya saya, ana iya saka manhajar kula da na'urori irin Microsoft Intune ko ta Google da ke cikin Workspace. Aikinta tilasta makulli, hana saka manhajojin da ba a yarda da su ba, da goge waya idan ta ɓace. Ba ta karanta saƙonnin tes, ba ta nuna hotuna, ba ta buɗe hirar WhatsApp. Mai sayar da manhaja da ya yi maka alkawarin ganin waɗannan a ɓoye, kayan leƙen asiri yake tallata maka, irin waɗanda ake dasa wa mutum ba da saninsa ba. Kada ka saya, ko da a wayar kamfani ce. Suna kwashe hirar mutanen da ba ma'aikatanka ba, suna kuma ajiye ta a wurin da ba ka san mai shi ba.

Idan wayar ta ma'aikaci ce, hanyar da ta dace a Android ita ce Work profile. Tana raba waya gida biyu, manhajojin aiki su fito da alamar jaka, kamfani kuma ya iya sarrafa wannan ɓangare kaɗai. Ka bar ƙofa ga wanda ya ce ba ya so a saka komai a wayarsa: ko a ba shi wayar ofis, ko ya duba imel a kwamfuta.

Gargaɗi: ranar sallamar ma'aikaci ake yin ɓarna mafi muni. A Intune, Retire yana cire kayan kamfani kaɗai, Wipe kuma yana mayar da waya kamar sabuwa. A Google bambancin yana tsakanin Wipe account da Wipe device. Danna na biyu a kan wayar mutum yana nufin hotunan 'ya'yansa da lambobinsa sun tafi, kuma kamfani ne zai amsa.

WhatsApp yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan kasuwancin ƙasar nan yake gudana. Wasu shugabanni sukan karɓi wayar ma'aikaci da sunan dubawa, su haɗa asusunsa da kwamfutarsu ta Linked devices, su riƙa karanta hirarsa daga nesa. Wannan leƙe ne tsagwaronsa, ba wata takardar aiki da za ta halasta shi. Idan kana son ganin yadda ake magana da kwastomomi, buɗe WhatsApp Business a layin kamfani, ka sanar cewa na aiki ne kawai kuma shugaban sashe yana gani. Ma'aikaci ma yana da damar buɗe Linked devices a wayarsa ya fitar da duk na'urar da bai sani ba.

Naɗar kira tana shafar mutum biyu, saboda haka kwastoma ma sai an gaya masa a farkon kira cewa ana naɗa. A tsaya ga layin karɓar oda ko ƙorafi. Kada kuma ka nemi wani sananne a kamfanin sadarwa ya ciro maka jerin kiran layin ma'aikaci. Irin wannan bayani hukumomin tsaro ne suke nema ta hanyar da doka ta tsara, mai kamfani ba ya cikinsu.

Bin sawu kuma ya fi tsafta idan na'urar tana jikin babur maimakon wayar mutum. Masu tallan nan 12 suna tafiya gida da baburan, don haka na'urar za ta nuna gidajensu, asibitin da suka je da masallaci ko cocin da suke halarta. A saita rahoton ya tsaya da tashi daga aiki, a bar buɗe bayanan dare sai ranar da aka sace babur.

Mataki na 7: Kafafen sada zumunta

Shafin kamfani naka ne. Mayar da shi ƙarƙashin asusun kasuwanci na kamfani, ka ba ma'aikata matsayi a ciki maimakon raba kalmar sirri guda, ka cire duk wanda ya bar aiki a ranar.

Shafin ma'aikaci kuwa nasa ne. Abin da ya wallafa a fili kowa zai iya gani, har da kai. Amma da zarar ka fara ɗaukar hoton rubuce-rubucensa kana tarawa a fayil, ka shiga sarrafa bayanai, kuma duk ƙa'idojin baya sun hau kanka. Abin da za ka iya karewa shi ne duba takamaiman rubutu da aka kawo ƙorafi a kansa, wanda ya shafi aiki kai tsaye: ya wallafa takardar kwastoma, ya fallasa farashin sirri, ya ci zarafin abokiyar aiki, ko ya yi magana da sunan kamfani ba da izini ba. A ɗauki hoton wannan rubutu kaɗai da kwanan wata, a tsaya nan.

Abubuwa uku ba su da mafaka: neman kalmar sirri, tilasta wa ma'aikaci ya karɓe ka aboki ko ya buɗe maka shafinsa a gabanka, da buɗe asusun bogi ko aika wani abokin aiki ya shiga rukuninsu ya riƙa kawo rahoto.

Babban haɗarin wannan mataki shi ne irin abin da mutane suke rubutawa. Shafukanmu cike suke da addini da siyasa, kuma dokar 2023 ta saka aƙidar addini, ra'ayin siyasa, ƙabila, lafiya, zama ɗan ƙungiyar ƙwadago da bayanan jiki kamar zanen yatsa a cikin bayanai masu tsananin kariya. Sashe na 30 ya ƙuntata dalilan da za a taɓa su, kuma kare sunan kamfani kawai ba ya isa. Mai kamfanin da ya tara abin da ma'aikacinsa yake faɗa game da jam'iyya ko malamin da yake bi, sannan ya hana shi ƙarin girma, ya haɗa laifin bayanai da na wariya. Wannan sashe ya shafi na'urar dangwala yatsa ta shiga ofis ma, wadda ake sakawa ba tare da an yi tunanin komai ba.

Mataki na 8: Wa zai gani, kuma har yaushe

Rubuta sunayen waɗanda za su iya buɗe rajista, kada su wuce biyu ko uku, kuma a riƙa duba abin da su kansu suka buɗe. Mai kula da kwamfutoci shi ne mutumin da ya fi kowa iya leƙe a kamfani, kuma shi aka fi mantawa da shi. Idan wani kamfani na waje ne yake riƙe muku bayanan, kamar mai na'urar bin sawu, sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta hana shi amfani da su don kansa.

Dokar ba ta yanke adadin kwanaki ga irin wannan rajista ba, ta ce kada a ajiye fiye da bukata. Sai ka yanke da kanka ka rubuta. Kwana 90 ga bayanan bin sawu da naɗaɗɗen kira ma'auni ne da za a iya karewa, abin da ya shiga bincike kuma a riƙe shi har a gama shari'a. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da mutane, sashe na 40 ya ba ka awa 72 daga lokacin da ka sani ka sanar da NDPC.

Ma'aikaci yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka tara a kansa ya kuma karɓi kwafi, yana da haƙƙin ya ƙi amincewa da sarrafawar. Ka amsa masa a rubuce ba tare da jan ƙafa ba.

Mataki na 9: Idan an kama wani abu

Rajista ba hukunci ba ce. A misalinmu, mai yiwuwa adireshin wajen na ma'aikacin ne da kansa, ya tura fayil ɗin domin ya yi aiki a gida saboda wuta ta ɗauke a ofis. Laifi ne na saɓa ƙa'ida, amma ba sayar da sirri ba ne. Mai yiwuwa kuma wani ne ya zauna a kwamfutarsa da ya fita salla. A ba shi takardar tuhuma, a nuna masa abin da aka gani, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, wani da bai yi binciken ba ya saurare shi. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take sauraron rikicin aiki, tana duba ko an ba mutum damar kare kansa kafin a kore shi kan zargin rashin ɗa'a. Kada kuma a bar manhajar da ke ƙirga motsin linzami ko lokacin zama a kwamfuta ta yanke wa mutum hukunci ita kaɗai, domin sashe na 37 na dokar 2023 ya ba shi haƙƙin kada na'ura zalla ta yanke shawarar da za ta taɓa rayuwarsa sosai.

Abin da zai ci

Kuɗin yana wuri huɗu. Na farko lasisin imel, wanda ake biya kan kowane mutum a kowane wata. Rajistar bayan ambulan tana zuwa da ƙananan tsare-tsare, amma Vault yana cikin Business Plus na Google, Intune kuma yana cikin Business Premium na Microsoft, don haka ka duba tsarin da kake kai kafin ka yi wa kowa alkawari. Na biyu wayoyi da layukan kamfani ga waɗanda suke hulɗa da kwastomomi, wanda a misalinmu mutum 12 ne, ba 40 ba. Na uku kuɗin lauya ko ƙwararren kare bayanai da zai duba takardar sanarwa da ta auna haɗari. Na huɗu, idan kamfaninka yana cikin waɗanda doka ta kira manyan masu riƙe da bayanai, akwai rajista da NDPC da naɗa jami'in kare bayanai.

A ɗaya gefen akwai tara. Sashe na 48 ya ba hukumar ikon cin tarar babban mai riƙe da bayanai har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga sauran kamfanoni, naira miliyan 2 ne ko kashi 2 cikin 100, shi ma wanda ya fi yawa. Lissafin a kan kuɗin shiga yake, ba riba ba. Idan kamfanin raba kayan nan ya yi cinikin naira miliyan 300 a bara, kashi 2 ya kama naira miliyan 6, kuma wannan ne rufin tararsa ko da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Hukumar tana iya umartar a biya ma'aikacin diyya a kan haka, shi ma kuma sashe na 51 ya ba shi damar shigar da ƙarar neman diyya a kotu da kansa.